An Rage Rabi, Amma Rabin Nawa?

In dillali ya ce ya rage maka rabin kuɗi, ba ka fara murna sai ka ji kuɗin mene ne. Rabin kuɗin ƙwaryar goro daban, rabin kuɗin bijimi daban. Wannan wayo kowa yana da shi a kasuwa, amma da zarar an ce wani magani yana rage haɗarin kamuwa da cuta da rabi, sai mu gyaɗa kai, mu manta da tambayar.

A watan Nuwamba na 2008 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna JUPITER, wanda Dakta Paul Ridker na Boston ya jagoranta. An gwada rosubastatin, maganin rage kitsen jini, a kan mutum 17,802 a ƙasashe 26, dukkansu manya ne da ba su taɓa ciwon zuciya ba. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 8,901 kowane gida. Gida ɗaya na shan maganin, ɗayan na shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Labarin da ya zaga duniya shi ne, bugun zuciya ya ragu da kashi 54 cikin 100.

Ba ƙarya aka yi ba. A cikin kusan shekara biyu, mutum 68 ne suka samu bugun zuciya a gidan marasa magani, 31 a gidan masu magani. In ka ɗora 31 a kan 68, lallai fiye da rabi ya tafi. Wannan shi ne lissafin kwatance: yana auna gida da gida kawai, bai damu da yawan mutanen da ke cikin gidajen ba.

Yanzu dawo da sauran jama'ar cikin lissafi. A kowane mutum 1,000 da ba su sha maganin ba, kusan 8 ne abin ya sama. A masu sha, tsakanin 3 da 4. Ke nan ainihin ragin mutum 4 ne cikin 1,000. Sauran fa? Wajen 992 da ma lafiyar Allah za su gama shekara biyun, ko sun sha ko ba su sha ba. Likitoci kan juya wannan ta hanyar da ta fi shiga kai: sai mutum kusan 240 sun sha ƙwayar kullum na tsawon wannan lokaci kafin a kare ɗaya daga bugun zuciya. Kuma ba wanda ya san ko wane ne ɗayan.

Kada a ɗauka raina maganin nake yi. Ya rage shanyewar ɓarin jiki ma, kuma shekara biyu gajeren zango ne. In aka daɗe ana sha, waɗanda ake karewa za su ƙaru. Abin lura shi ne, ƙarfin magani bai isa ya faɗa maka ribarka ba, sai an san girman haɗarin da kake ciki tun farko. A 1994 aka fitar da sakamakon irin wannan gwaji da aka yi a ƙasashen Arewacin Turai da wani ɗan'uwan maganin, simbastatin, a kan mutum 4,444 da tuni suke fama da ciwon zuciya. Mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100 kawai, wanda a kunne bai kai 54 armashi ba. Amma cikin shekara biyar da ɗoriya, an sauko ne daga kusan mutum 12 cikin 100 zuwa 8. Wajen mutum 30 za a bai wa magani a tsirar da ran ɗaya. Ƙaramin kaso ne, sai dai daga bijimi aka yanko shi.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne awo da mudu biyu. Mai talla kan faɗi amfanin magani da lissafin kwatance don ya yi girma, in ya zo kan illa sai ya koma ainihin lissafi don ta ƙanƙance. A binciken 2008 ɗin, likitoci sun ba da rahoton sabon ciwon suga ga mutum 270 cikin masu shan maganin, da 216 cikin marasa sha. Mai son kare maganin zai ce ai ƙarin mutum 6 ne kacal cikin 1,000. Mai son ɓata shi zai ce suga ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Duk su biyun lamba ɗaya suke kallo. In za a ambaci 6 ɗin nan, to a gefensa 4 ya kamata a ajiye, ba 54 ba, sannan majiyyaci da likitansa su zauna su duba nauyin kowace cutar a kansa.