Ƙirgar kayan magaza a ƙarshen shekara: lamba ta ƙarshe ita ce iyaka

Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta sa shekarar ciniki ta rufe ran 31 ga Disamba, kuma ta wajabta a ƙirga kaya aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai dai mai binciken asusu ba jimilla kaɗai yake nema ba. So yake ya ga yadda aka kai gare ta.

A ce wani ɗan kasuwa yana da magazar taki a unguwar Zariya ta Maraɗi, da ƙaramar ajiya a Tibiri. Tun kafin ranar ƙirgar, sai a buga takardun ƙirga masu lamba a jere, daga 1 zuwa 20 misali, a rubuta wanda aka ba kowace. Kowace takarda ta ɗauki wuri, irin kaya, ma'auni (buhu mai kilo 50 ne ko buɗaɗɗe), adadi, da sa hannun mutum biyu. Da biro ake rubutu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya, a sa hannu a gefe. Takardar da ta lalace ma a mayar da ita, domin in lamba 13 ta ɓace, mai bincike zai zargi duka. Kada a rubuta adadin da ke littafi a kan takardar, don wanda ya ga 600 da wuya ya ƙirga ya samu 588. Mai riƙe da makulli kuma ya nuna kaya kawai, wani ya ƙirga.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne iyakar shekara. Mota ta sauke buhu 200 ran 30 ga Disamba, takardar kuɗinsu ba ta iso ba sai 4 ga Janairu. An ƙirga su cikin kaya, amma ba a rubuta bashin ba. In buhu jaka 15 ne, riba ta kumbura da sefa miliyan 3 ta ƙarya. Maganinsa, da yammacin 31 a rubuta lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da ta fitarwa ta ƙarshe, a sa hannu. Duk abin da ya shigo har zuwa wannan lamba na bana ne, a rubuta bashinsa ko takardar kuɗi ba ta zo ba.

Haka buhu 40 da manoman Jiratawa suka saya suka biya, ba su kwasa ba. A ware su gefe da alama, ba na mai magaza ba ne. Kayan da ke hanya tsakanin Zariya da Tibiri kuwa, gara a tsayar da jigila ranar, kada a ƙirga su sau biyu ko su faɗi tsakani.

Mai bincike zai ɗauki takardu kaɗan kafin lambar da kaɗan bayanta, ya duba ko kowace ta shiga shekararta.