Zoben da ke jan ƙafar ɗan katun

A manhajar Blender, ƙasusuwan da ke lanƙwasa jikin ɗan katun sukan yi yawa har su ruɗa mai raya hoto. Shi ya sa mai haɗa rig yakan ɓoye su, ya ƙara wani ƙashi a diddige, ya ba shi siffar zobe ta Custom Object.

Sannan sai ya sa wa ƙashin ƙwauri Inverse Kinematics, zoben ya zama Target, Chain Length kuma 2, wato ƙwauri da cinya. Da an ja zoben, gwiwa za ta lanƙwashe da kanta. Idan aka bar lambar a 0 kuwa, har kwatangwalo sai ya biyo.

Gwiwa ta juya baya? A ƙara Pole Target gabanta, a daidaita Pole Angle.