Ƙazuwa da ƙwarƙwata: Me ya sa maganin ke ƙin ci?

Kin shafa wa yaro magani, amma bayan mako biyu yana nan yana susa. Kafin ki ce maganin jabu ne, ki fara tantance abin da kike yaƙa.

Ƙwarƙwata a kan fatar kai take zaune tana shan jini, tana manna ƙwanta a gindin gashi. Ki tsefe kitso, ki taje bayan kunne da ƙeya da matsefi mai ƙananan haƙora. Ganin mai rai ne shaida, domin ɓawon ƙwai yakan daɗe a gashi bayan ta mutu.

Ƙwaron ƙazuwa kuwa da wuya ido ya gan shi, domin rami yake haƙawa cikin fata ya yi ƙwai. Alamarsa ƙaiƙayin dare da ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗawa. Shi ya sa ake yi wa duk 'yan gida magani rana ɗaya.

Man fametirin na ƙazuwa daga wuya har tafin ƙafa ake shafa shi, ba a kan ƙuraje kawai ba, ya kwana a jiki. A cututtukan biyu, ƙwai yakan tsira, don haka a maimaita bayan kwana 7.

Ƙaiƙayin ƙazuwa na iya kai mako 4 bayan ƙwaron ya mutu. Amma in sababbin ƙuraje suka fito, ki koma asibiti.