An ba ka aiki bisa sharaɗi: yaya za ka amsa?

Mene ne aiki bisa sharaɗi?

A ce wani kamfanin shinkafa a Malanville ya rubuto maka cewa ya ɗauke ka mai kula da sito, amma sai likita ya duba ka, an kuma tantance takardunka. Tantancewa ita ce a bincika ko takardar makarantarka ta gaskiya ce. Kafin a gama waɗannan biyu, aikin bai zama naka ba, don haka kada ka ajiye wanda ke hannunka tukuna.

Me za ka rubuta?

Faransanci ne harshen ofis a Benin. In ba ka iya ba, tsara amsar da Hausa a fassara maka. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, na samu takardarku ta ranar 3 ga Maris, na gode. Na karɓi aikin mai kula da sito, na kuma yarda da sharaɗin ganin likita da tantance takarduna. Ina roƙon a sanar da ni ranar da zan ga likita, da asibitin da zan je. Yaushe kuke sa ran kammala tantancewar, kuma wace rana zan fara aiki?"

Ka kai da hannunka, a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Alkawarin baki ba ya zama shaida.

Tambayar lokaci ba rashin kunya ba ce?

A'a, domin wasu takardun suna da wa'adi. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke maka hukunci ba, wadda ake kira kaziye, wata 3 take aiki. In ka karɓe ta a Maris, tantancewa ta ja har Yuli, sai ka sake neman wata.

Ganin likita yakan yi sauri. Takardun ne ke jan ƙafa, musamman in a Gaya ko Birnin Kebbi ka yi karatu. Hatimin ofishin magajin gari yana nuna kwafi ya yi daidai da na asali ne kawai, ba ya tabbatar da cewa makarantar ce ta bayar. Wannan sai an tambayi inda takardar ta fito. Ka duba sunanka ma: Mahamadou a wata takarda, Muhammadu a wata, ya isa ya tsayar da komai. Faɗa musu tun yanzu.

Wa zai biya?

Ka ƙara layi guda a wasiƙarka: kuɗin awon asibiti a kan wa yake, da kuɗin mota in har sai an je Kandi ko Parakou? Duk abin da ka biya, karɓi rasit. In mako biyu ya wuce shiru, sake rubutawa, ka ambaci ranar wasiƙarka ta farko.