Mota ta tafi da mukullinta a jiki: inshora za ta biya?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kabuga ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta isa Gwarzo ya san wannan al'ada tamu. Magariba ta riski mutum a hanya, sai ya gangara gefen titi gaban masallaci, ya kashe mota ko ma ya bar ta tana aiki, ya ɗauki buta. Ko ya tsaya a Garo sayen tsire, ko a bakin kasuwar Getso ya ce bari ya karɓo saƙo, yanzu zai dawo. Mukulli na rataye a jiki, domin ai gida ne, kowa ya san kowa. Galibi lafiya ake rabuwa. Amma ranar da aka sallame salla aka tarar da wajen wayam, bayan salati da sallallami tambayar da ke biyo baya ita ce, ai motar na da inshora, ko?

Kafin a zo maganar mukulli, a fara duba wace irin inshora ce. Mafi yawan motocin da ke yawo tsakanin Kabo da Gwarzo, takardar da ke cikinsu ita ce ta dole, wadda ake haɗawa da sauran takardun mota saboda 'yan sanda, an rubuta Third Party a samanta. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga naira 5,000. Aikinta ɗaya ne: idan ka buge wani ko ka lalata masa dukiya, ta biya shi, ɓarnar dukiya har zuwa naira miliyan 3. Motarka kuwa ba ta cikin lissafi. An sace ta a kulle cikin gareji ko an sace ta da mukulli a jiki, duk ɗaya ne, ko sisi ba za ka samu ba. Sata tana shiga ne a cikakkiyar inshora, wadda ake rubuta wa Comprehensive, ko kuma wata matsakaiciya da ke ƙara gobara da sata a kan ta dole. Kuma ko wacce ce, sai ta zama ta gaske, domin takardun bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. Ana iya tantancewa da waya ta hanyar danna *565*11# a saka lambar mota.

To, mu ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi a Gwarzo yana da mota ta naira miliyan 8, ya yi mata cikakkiyar inshora. Ƙa'idar NAICOM ta ce kuɗin irin wannan kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato ya biya aƙalla naira 400,000 a shekarar. Ya sha mai a wani gidan mai, ya gyara fakin, ya bar mukulli a jiki, ya zagaya bayan gini ya kama ruwa. Minti biyar bai cika ba ya dawo, babu mota. A tunaninsa magana ta ƙare: ya biya kuɗi, an yi sata, sai a biya shi. Shi kuwa ma'aikacin kamfanin, bayan ya yi masa jaje, abin da zai fara cewa shi ne, "Alhaji, sai a kawo mana rahoton 'yan sanda, da ainihin takardun mota, da mukullan duka." A wannan kalma ta ƙarshe ake gane yadda aka yi. Mota ta zo da mukulli biyu, Alhaji ya kawo ɗaya, dole a tambaye shi ina ɗayan.

Abin da zai raba gardama yana cikin takardar yarjejeniya, wadda ta bambanta da 'yar fallen shaidar da ake nuna wa 'yan sanda. Ita ce mai shafuka da yawa da ƙananan rubutu, wadda yawancinmu ba ma karɓa, balle mu karanta. A cikinta sharaɗin sakaci kan zo da fuska biyu, kuma bambancinsu shi ne kusan dukan maganar.

Fuska ta farko sharaɗi ne na gaba ɗaya, cewa mai mota zai ɗauki matakan da suka dace don kare ta daga ɓata ko lalacewa. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana da shi. Da jin sa mutum zai zaci kowane kuskure ya isa ya soke haƙƙinsa, amma alƙalai ba su fassara shi haka ba. Kotunan Ingila, waɗanda kotunan Najeriya kan duba hukuncinsu a sha'anin inshora ko da yake bai zama wajibi su bi ba, sun tsaya a kan cewa ai don kuskuren ɗan Adam ake yin inshora tun farko. Idan mantuwa za ta hana biya, to me aka saya? Tun shari'ar Fraser da Furman a 1967 aka kafa cewa sai kamfani ya nuna ganganci: mutum ya san akwai haɗari, ya gane shi sarai, amma ya ƙi ɗaukar mataki, ko ya ɗauki wanda shi kansa ya san bai wadatar ba. Wanda ya yi karatun littattafan fiƙihu a zaure ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin ya san mai ajiya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci, kuma malamai sun daɗe suna rarrabe abin da ya kai sakaci da wanda bai kai ba.

A ƙarƙashin wannan sharaɗi, ɗan kasuwarmu yana da abin faɗa. Idan mantawa ya yi, hankalinsa ya tafi kan waya ko kan lissafin buhuna, wannan kuskure ne. Idan kuwa da gangan ya bari, kuma ɗabi'arsa ce kullum, ga shi an sha sace ababen hawa a wajen kuma ya sani, to ya matso kusa da ganganci. Nauyin tabbatar da hakan yana kan kamfani.

Fuska ta biyu ita ce mai tsauri. Wasu yarjejeniyoyin kan fito fili su ce ba za a biya sata ba idan an bar mukulli a ciki ko a jikin mota, wasu su ƙara da cewa alhali babu mai lura da ita. Nan ba a tambayar niyya, mantuwa da ganganci duk hukuncinsu ɗaya. Shahararren misali shi ne shari'ar Hayward da kamfanin Norwich Union a 2001. Mutumin ya sha mai a motarsa ƙirar Porsche, ya bar mukulli a jiki ya shiga biyan kuɗi, tazarar 'yan taku kaɗan, yana dogaro da na'urar hana tashin inji da ke motar. Ɓarawo ya shige ya kulle ƙofa, ya samu ya tayar da ita ya tafi, mai motar na tsaye yana kallo. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya bar mukulli a mota, sharaɗin ya hau kansa, kamfani ba zai biya ba.

Sai kuma ma'anar "babu mai lura da ita". A wata shari'a ta 1962, wani mai tallar gwala-gwalai ya tsayar da mota ya taka kamar yadi 37 don ya yi fitsari, aka fasa aka ɗauke jakar kaya. Alƙali Lord Denning ya ce mota tana da mai lura ne idan akwai wanda ke ganinta, kuma yana inda zai iya hana a taɓa ta. Idan aka auna da wannan ma'auni, wanda ya zagaya bayan gidan mai ya bar motarsa ba mai lura. Haka wanda ke cikin sahu ya ba ta baya, ko da bango ɗaya ne tsakaninsu. Amma da ya bar ƙanensa baligi zaune a ciki, ko yaron shagonsa na tsaye a jikinta, da labari ya sha bamban. Yaro ɗan shekara biyar da ke barci a kujerar baya kuwa, da wuya a kira shi mai lura.

A nan Najeriya, Dokar Inshora ta 2003, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta yi tanadi a sashe na 55 cewa kamfani ba zai fake da saɓa wani sharaɗi ya ƙi biya ba sai sharaɗin yana da alaƙa da asarar da aka yi. Wannan kariya ce mai kyau ga wanda za a ce masa, misali, tayarsa ta suɗe alhali sace motar aka yi. Amma ba ta da wani amfani sosai ga mai mukulli a jiki, domin babu abin da ya fi mukulli alaƙa da satar mota.

Akwai yanayin da mutane kan rikita da wannan. Idan 'yan fashi suka tare mutum a hanyar Dayi suka fito da shi da bakin bindiga, mota ta tafi da mukullinta, amma ba barinsa ya yi ba, ƙwace aka yi, kuma cikakkiyar inshora kan ɗauki wannan. Ɓoye mukulli a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ko a saman taya kuwa, a idon yarjejeniya bari ne a ciki ko a jiki. Motocin zamani masu tashi da danna maɓalli su ma haka: wanda ya jefa ɗan mukullin a aljihun ƙofa ya fita, daidai yake da wanda ya bar shi a soke. Idan direba ne ya yi sakacin, kada mai mota ya saki jiki, domin sharaɗin da ya ce "an bar mukulli" bai damu da wanda ya bari ba. Masu takaful ma kada su zaci tsarin taimakekeniya ya ɗauke musu wannan. Asusun na sauran mahalarta ne, kuma takardarsu tana ɗauke da irin waɗannan sharuɗɗa.

A ganina babban haɗarin yana zuwa ne bayan satar, lokacin da masu ba da shawara suka taru. Wani zai ce a je wajen mai yankan mukulli a yanko wani a cika biyu, wani ya ce a faɗa wa 'yan sanda fashi ne. Kamfani yana da masu bincike, za su je gidan man su tambayi masu zuba mai, kuma sabon yanka ba ya ɓuya, balle mukulli mai na'ura a ciki. Mutumin da gaskiyarsa za ta iya fisshe shi a ƙarƙashin sharaɗi na farko, da ya yi ƙarya ya rasa komai, ya kuma jawo wa kansa tuhumar zamba.

Idan ɗan kasuwarmu ya faɗi gaskiya, ya sanar da kamfani cikin wa'adin da takardarsa ta gindaya, kuma sharaɗin gaba ɗaya kawai ke cikinta, akwai kyakkyawan zaton a biya shi. Sai dai ba lallai miliyan 8 cif ba. Ana biyan darajar motar ne a kasuwa ranar da aka sace ta, ba tare da wuce adadin da aka rubuta ba, sannan a cire kason da aka amince shi zai ɗauka da kansa. Idan kason kashi 10 ne, misali, kuma an ƙiyasta motar a miliyan 8, zai karɓi miliyan 7 da dubu 200. In an gano motar daga baya a Maraɗi ko wani wuri, ta zama ta kamfani, sai dai ya mayar da kuɗin ya karɓi abarsa. Idan kuwa kamfani ya ƙi biya, ya nemi a ba shi dalili a rubuce tare da ainihin sharaɗin da aka dogara da shi, ya kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM, in bai gamsu ba ya nufi kotu da lauyansa.