Jarka da Sanda a Darasin Motsa Jiki

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 ta kai kilo 25. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyaka ga babban ma'aikaci, shi ma in komai ya daidaita. Amma ga yaro ɗan aji ɗaya a sakandare yana kinkimar ta kullum daga bakin famfo. A ganina, da wannan jarkar ya kamata malamin motsa jiki ya buɗe darasin kula da baya.

Ba nauyi kaɗai ke wahalar da ƙugu ba, har da tazarar kaya daga jiki. Malam ya ba ɗalibi bokiti mai lita 5, ya rungume shi a ƙirji, sannan ya miƙe hannu da shi. Nan take zai ji ƙugunsa ya ɗaure. Idan tazarar ta tashi daga santimita 20 zuwa 60, ƙarfin da kayan ke janyo gangar jiki gaba ya ninka sau uku, kuma naman baya ne ke biyan bashin.

Sai sanda. Ɗalibi ya ɗora ta a tsaye a gadon bayansa, ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙasan ƙugu. Ya ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya tura mazaunai baya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ya duƙa. Muddin sandar ba ta rabu da wuraren nan ba, daga kwatangwalo ya duƙa. In ta bar ƙasan ƙugu, ya ƙudundune baya. In dunduniya ta ɗaga, gwiwa ce ta yi gaba da yawa. Abokin gwajinsa ne zai lura, ya ce, "Kai, ta saki!" A fara da jarka wayam, a koma rabi, a sa ta tsakanin ƙafafu, a tashi da ƙarfin cinya. Wajen ajiyewa a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Cikakkiya kuwa a kama ta mutum biyu, ko a raba ruwan gida biyu, kowane hannu da nasa.

Kada dai malam ya tsorata yara cewa sunkuyo ɗaya zai karya su. Bincike ya nuna koyar da salon ɗagawa kaɗai ba ya hana ciwon baya sosai. Motsa jiki da ƙarfafa nama sun fi tasiri. Haka "zauna sosai!" da muke ta faɗa a aji: tashi da sauya zama ya fi sandarewa amfani.

Yaron da ciwon baya ke tashe shi cikin dare, ko yake haɗe da zazzaɓi, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a cire shi daga fili a kai shi asibiti.