Kuɗi a Bankinku, Amma Ba Naku Ba: Yadda Ake Rubuta Tallafi Mai Ƙaidi

Ranar da alat ɗin naira miliyan 12 ya faɗo wayar ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar agaji, ofishi kan cika da barka. Albashin wata biyu na jira, mai gida yana ta aike a kan kuɗin haya, ga kuma kuɗi sun shigo. Akanta ne kaɗai ba ya saurin murna, domin ya karanta yarjejeniyar da ta zo da kuɗin. A shafinta na farko an rubuta cewa wannan tallafi na gyaran famfunan tuƙa-tuƙa 20 ne a ƙauyukan da aka lissafa, cikin wata 12, kuma duk abin da ba a kashe a kan wannan aiki ba za a mayar wa mai shi.

Irin wannan shi ake kira tallafi mai ƙaidi. Ya bambanta da sadakar da mutum zai miƙa ya ce a yi duk abin da ya dace da ita. Wanda ya karɓe shi tamkar ɗan aike ne da aka ba kuɗin cefane: suna aljihunsa, amma bai isa ya sayi takalmi da su ba, kuma in ya dawo sai ya kawo kaya da canji. Aikin littafin lissafi shi ne ya nuna, a kowace rana, nawa aka kashe a kan aiken, nawa kuma ya rage na amana.

Bari mu bi wannan ƙungiya a matsayin misali, daga ranar karɓa har ranar rufe aiki. Kasafin da aka amince da shi ya kasu huɗu: kayan gyara naira 8,000,000, ladan makanikai 2,000,000, sufuri 800,000, sai kuɗin gudanar da ofis 1,200,000. Kuɗin sun shigo ranar 1 ga Yuli, shekarar lissafin ƙungiyar kuwa tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba.

Kowace shigarwa a littafin akanta tana da ƙafa biyu, wato debit a hagu da kiredit a dama, kuma dole adadinsu ya zo daidai. Dukiya da kashe-kashe suna ƙaruwa ta debit, bashi da kuɗin shiga kuwa ta kiredit. A ranar karɓa, ga abin da akanta zai rubuta:

Debit: Asusun banki na aikin famfo, 12,000,000
Kiredit: Tallafin da ba a kashe ba, 12,000,000

Layi na biyu shi ne zuciyar maganar. Akanta bai rubuta kuɗin shiga ba, nauyi ya rubuta, kamar bashi. Dalili kuwa shi ne, har yanzu ko famfo ɗaya ba a taɓa ba. Da aikin zai watse gobe, miliyan 12 ɗin nan cif za su koma inda suka fito. Banki ya cika, amma ƙungiyar ba ta ƙaru da ko kwabo ba.

Bayan mako biyu aka sayo fayif da sanduna da silinda da robobi na famfo biyar a kan naira 2,000,000, aka kai su ƙauyuka aka ɗaura. Ga rasit, ga takardar karɓar kaya, ga baucar biya da sa hannun mutum biyu. A nan shigarwa biyu ake yi. Ta farko tana nuna fitar kuɗi:

Debit: Kayan gyara na aikin famfo, 2,000,000
Kiredit: Asusun banki na aikin famfo, 2,000,000

Ta biyu kuma tana sauke wani yanki na amanar:

Debit: Tallafin da ba a kashe ba, 2,000,000
Kiredit: Kuɗin shiga na tallafi, 2,000,000

Wannan ta biyun ce aka fi mantawa da ita. Ma'anarta ita ce ƙungiyar ta cika alkawari gwargwadon miliyan 2, saboda haka wannan adadin ya halatta gare ta, nauyin da ke kanta ya sauko zuwa miliyan 10. Kuɗin shiga da kashewa sun zo kunnen doki, ba rara ba giɓi, kuma haka ya kamata aikin da wani ya ɗauki nauyinsa ya kasance. Wasu akantoci ba sa yin ta kullum, sukan tara duk abin da aka kashe su sauke shi gaba ɗaya a ƙarshen wata. Babu laifi a hakan, muddin wata bai wuce ba a yi ba.

Akwai wani wuri mai santsi. An ba jami'in da ke zagaya ƙauyuka naira 500,000 na mai da hayar mota. Kuɗi sun bar banki, amma ba a kashe su ba tukuna, sun dai koma aljihun ma'aikaci ne. Don haka a debit za a rubuta bashin da ke kan jami'in, a kiredit a rubuta banki, tallafin da ba a kashe ba kuwa a bar shi yadda yake. Sai ranar da ya dawo da rasitai na naira 400,000 da canjin 100,000 ne za a rubuta 400,000 a sufuri, a mayar da canjin banki, a share bashinsa, sannan a sauke 400,000 daga amana zuwa kuɗin shiga. Wanda ya rubuta 500,000 a matsayin kashewa tun ranar farko ya kai wa mai tallafi rahoton abin da bai faru ba, kuma canjin nan zai iya ɓata ba wanda ya lura.

Kuɗin gudanarwa su ma suna da tsarinsu. Tunda yarjejeniya ta yarda da 1,200,000 a shekara, a misalinmu ana cire 100,000 duk wata zuwa babban asusun ƙungiya, a rubuta su a kashe-kashen aikin, a sauke daidai su daga amana. Daga wannan kason ne kaɗai haya da wutar ofis suke da rabo.

Da Disamba ta ƙare an gyara famfo 11. Kayan gyara sun ci 4,400,000, makanikai 1,100,000, sufuri 400,000, gudanarwa 600,000, jimla 6,500,000. Rahoton shekara zai nuna kuɗin shiga 6,500,000, kashewa 6,500,000, da nauyin 5,500,000 da za a tsallaka da shi sabuwar shekara. Da tun farko an zuba miliyan 12 cikin kuɗin shiga na gama-gari, da amintattun ƙungiya sun ga rarar miliyan 5 da rabi, su ɗauka akwai halin sayen mota. Shekara mai zuwa kuma littafi ya nuna giɓi daidai wannan adadi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko wanda bai karanta akanta ba zai iya yi. A ɗauki abin da ke asusun banki na aikin, a haɗa da kuɗin da ke hannun ma'aikata ba su kawo rasit ba, a debe bashin 'yan kasuwa da aka riga aka rubuta amma ba a biya ba. Abin da ya fito dole ya yi daidai da tallafin da ba a kashe ba. Idan littafi ya ce 5,500,000, banki ya ce 4,500,000, ba kuma kowa da ke riƙe da kuɗin aiki, to miliyan 1 ta bi wata hanya. Sau da yawa ba sata ba ce. An ara ne aka biya albashi da niyyar mayarwa in wani tallafi ya shigo. Amma a idon mai tallafi da odita, aro ba da izini ba saɓa yarjejeniya ne, ko da an mayar. Shi ya sa masu tallafi da yawa suke neman a buɗe wa aikinsu asusun banki na daban.

Haka nan kashewar da ba ta cikin kasafi. A ce dagacin wani ƙauye da ba ya cikin jerin ya roƙa, aka tausaya aka gyara musu famfo a kan 300,000. Aikin alheri ne, amma ba a aiki ƙungiyar can ba. Ba za a sauke wannan daga amana ba. Za a ɗora shi a kan kuɗin ƙungiya na gama-gari, a mayar da 300,000 asusun aikin. In ana son sauya ƙauye ko a matsar da kuɗi daga sufuri zuwa kaya, a nemi yardar mai tallafi a rubuce kafin a taɓa, ba bayan an kashe ba.

A ƙarshen Yuni famfo 20 sun tashi, jimlar kashewa ta tsaya a 11,600,000. Saura 400,000. Shigarwar ƙarshe ita ce debit a tallafin da ba a kashe ba, kiredit a banki, ranar da aka mayar wa mai shi. Shafin amana ya koma sifili, aiki ya rufu.

Ya kamata mai karatu ya san cewa akwai hanya ta biyu. Wani mai bayarwa yakan ce a yi aikin ruwa da kuɗinsa, ba tare da gindaya cewa sai an cika wani mataki kafin su halatta ba. A tsarin lissafin ƙungiyoyin agaji na Birtaniya da na Amurka, irin wannan kyauta ana rubuta ta kuɗin shiga nan take, amma a shafi na musamman mai ƙaidi, daban da na gama-gari. Kashewa tana rage wannan shafi, ragowar kuma ta tsallaka shekara da alamarta a goshi. Abin da ke raba hanyoyin biyu shi ne lafazin yarjejeniya da ƙa'idar lissafin da ƙungiya take bi. A Najeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajistar amintattu ajiye littattafan lissafi. A Nijar da sauran ƙasashen OHADA kuwa, tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda aka amince da shi a Yamai a 2022, ya fara aiki a farkon 2024. Kowace hanya aka bi, a rubuta ta a bayanin rahoton shekara, a kuma tsaya a kanta.

Ga amintattu da shugabannin ƙungiyoyi, sa hannunku ne a kan yarjejeniyar, ku za a tuhuma ba akanta kaɗai ba. A kowane zama kada ku tsaya ga tambayar nawa ne a banki. Ku tambayi nawa ne na amana a ciki, tallafi bayan tallafi, ku kuma sa a ajiye takardar banki kusa da littafi ku gani da idonku.